Raba Ayyuka Tsakanin Rajistar Mai Kawo Kaya da Biyansa

Raba ayyuka ƙa'ida ce ta tsaron dukiya a ma'aikatu da kamfanoni, wadda ta hana a damƙa wa mutum ɗaya dukkan matakan fitar da kuɗi. A manhajojin lissafi ana aiwatar da ita ta hanyar bayar da izini bisa matsayi, wato a tara izinin cikin matsayin aiki, sannan a ɗora ma'aikaci a kan matsayin da ya dace da shi. David Ferraiolo da Richard Kuhn na NIST, hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, ne suka tsara wannan salo a 1992, kuma ya zama ma'aunin ƙasa na Amurka mai suna ANSI INCITS 359 a 2004.

A SAP ERP, alal misali, wata manhajar gudanar da harkokin kamfani inda kowane aiki ke da lambar umarninsa, ana yi wa mai kawo kaya rajista da FK01, ana gyara bayanansa da FK02, ana shigar da takardar neman biya da FB60, sannan ana tura kuɗi da F110. Wanda ya haɗa waɗannan a hannunsa zai iya ƙirƙiro kamfanin bogi, ya sa asusun bankinsa, ya rubuta takardar aikin da ba a yi ba, ya biya kansa ba tare da idon kowa ya kai kan lamarin ba.

Sai dai gyaran bayanai ya fi sabuwar rajista haɗari, ko da yake an fi sakaci da shi. Mai izinin gyara ba ya buƙatar kamfanin bogi, domin ya isa ya musanya lambar asusun wani sanannen ɗan kwangila dab da ranar biya, ya mayar da ta asali bayan kuɗi sun fita, kuma asiri ba ya tonuwa sai mai haƙƙin ya zo yana cigiyar kuɗinsa. Saboda haka ake ayyana lambar asusu a matsayin bayani mai tsaro: da zarar an taɓa ta, manhaja tana dakatar da biya har sai wani mutum dabam ya tabbatar da canjin ta FK08, bayan ya tuntuɓi ɗan kwangilar ta lambar wayar da ke fayil tun da farko.

Galibi tsarin yana lalacewa ne a hankali, idan aka sauya wa ma'aikaci sashe aka ƙara masa sabon matsayi ba a cire tsohon ba, ko aka ara masa izinin wanda ya tafi hutu aka manta. Shi ya sa masu binciken kuɗi ke duba jimillar izinin kowane mutum maimakon sunan muƙaminsa, suna kuma neman canjin asusun da aka soke jim kaɗan bayan biya, da asusun ɗan kwangilar da ya yi daidai da na albashin wani ma'aikaci.

Ƙa'idar ba ta hana haɗin baki tsakanin mutum biyu, kuma mai rabon izini kan iya ba kansa kowane matsayi idan ba a bibiyar ayyukansa. A ƙaramin ofishin da ma'aikata ba su isa a raba aikin ba, shugaba ne ke duba jerin canje-canjen asusu kafin ya sa hannu a kan kowane biya.