Girman inji: me 1.8 da 3.5 suke nufi, kuma ina suke taɓa aljihu?

In ka je wurin dillalan mota a Katsina za ka ji ana cewa wannan 1.8 ce, waccan 3.5 ce. Wasu sun ɗauka girman tankin mai ake nufi. A'a, faɗin cikin silindojin injin ne gaba ɗaya, wato wurin da fistan ke kai-komo yana zuƙar iska da fetur. Ana auna shi da lita, ko da cc kamar yadda ake rubutawa a takarda, kuma cc 1,000 shi ne lita ɗaya. Corolla mai 1.8 silinda huɗu gare ta, kusan cc 1,800. Camry mai V6 ta 2007 zuwa 2011 kuwa silinda shida ce, kusan cc 3,500. Da waɗannan biyun za mu yi lissafi.

Lasin mota da ake sabuntawa duk shekara a ofishin haraji na jiha yana bin girman inji, domin an kasa motoci rukuni-rukuni, kuma Camry ɗin tana rukunin da ya fi na Corolla tsada. Sai dai bambancin bai taka kara ya karya ba, ko kuɗin cika tanki sau ɗaya bai kai ba.

Inshora ce mutane suka fi ruɗewa a kanta. Wadda doka ta wajabta, mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ba ruwanta da inji. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da ita naira 15,000 ga motar gida, Corolla ce ko Camry. Cikakkiyar inshora, wadda ke biyan ɓarnar motarka da sata, darajar motar take bi, kuma ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari. Ka ga tsohuwar V6 da kasuwa ta guje wa saboda shan mai tana iya biyan ƙasa da Corolla mai tsafta da kowa ke nema.

Wurin mai ne ake yin ta, musamman tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Mu ɗauki ma'aikacin da ke zaune a Daura yana zuwa Katsina aiki a kai a kai, tafiyar kusan kilomita 80, a ce yana cin kilomita 15,000 a shekara. Lafiyayyar Corolla takan sha wajen lita 8 a kilomita ɗari in an haɗa gari da babbar hanya, V6 ɗin kuma wajen 11. Ta farko ta sha lita 1,200 ke nan, ta biyu 1,650. Rarar lita 450 ce, in ka sa lita a naira 900 ta haura naira 400,000 a shekara. Farashin yana hawa yana sauka, sai ka sa na gidan man unguwarku. Amma ko yaya ka juya shi, bambancin lasin ɓacewa yake yi a gefen wannan.

Tazarar ba ɗaya ba ce a ko'ina. A buɗaɗɗiyar hanyar Daura babban inji yana tafiya a natse, tazarar sai ta ragu. A cunkoson Ƙofar Ƙaura ko bakin babbar kasuwa, ana tsayawa ana tashi ga na'urar sanyi a kunne cikin zafin bazara, silinda shida suna shan mai ko motar ba ta motsa ba. Ƙaramin injin ma yana da iyakarsa: ka cika shi da mutum shida da buhunan gero a but, dole ka riƙa danna totur, ribar ta ragu.

Sannan lambar da ke jikin takarda ba ta san lafiyar injin ba. Corolla da fulogoginta suka mutu, ko aka cire mata abin da ke daidaita zafin inji, abin da makanikai da yawa ke yi wai don gudun zafi, tana iya kusantar V6 a shan mai. Wata kuma an sauya mata inji, don haka ka ɗaga bonet ka duba lambar injin: 1ZZ ko 2ZR na 1.8 ne, 2GR na 3.5.

Kada ka dogara da allurar mai ko bakin dillali. Ka cika tanki har famfo ya yanke, ka mayar da ma'aunin kilomita na TRIP A sifili, ka je Daura ka dawo, ka sake cikawa a famfo ɗaya. In kilomita 160 ta ci lita 13, wajen lita 8 ke nan a ɗari, motar lafiya lau. In Corolla ce ta ci lita 18 a wannan tafiyar, makanike ya duba ta kafin a yi maganar ciniki.