Wasan taubasai a Makka: amsa ta ƙarshe

Ga tambayoyin da mutane suke ta yi mini, da amsoshinsu.

Wane ne taubashina?

Ɗan gwaggonka ko ɗan kawunka, wato ɗan mace da ɗan namiji. Ɗan baffanka ɗan'uwanka ne, in ya girme ka yayanka ne, ka kama bakinka.

Zan iya tsokanar surukata?

A'a. Uwar matarka kunya ce tsakaninku. Ƙanwar matarka ce abokiyar wasanka, kamar yadda matar wa take wasa da ƙanin miji. Sau nawa zan faɗa?

Taubashina ya zo Umra daga Kano, ya ce da ni "bawana" a gaban maƙwabcina Balarabe da 'ya'yana. In yi masa magana ko in ƙyale?

Wannan kam sai a hankali. A gida kalmar ba ta da ƙaya, da ita taubasai suke gaisawa: "Kai bawa, zo ka ɗauki takalmina," kai kuma ka ce, "Wa ya ga ubangida da aron riga?" A yi dariya, in watan cika-ciki ya kama a bi juna kuɗin shara. To amma nan Saudiyya sai a 1962 aka soke bauta a hukumance, kuma yaron da ya tashi da Larabci a bakinsa "abd" zai fassara ta, kalmar da wataƙila an taɓa jifansa da ita a layi. Na ga haka a gidana. Baƙona ya faɗe ta muna cin kabsa, ɗana ya tsame hannu daga faranti, bai sake ce masa uffan ba har ya koma.

Ni dai a ganina kada ka kwaɓe shi a gaban mutane, don taubashin da ya yi fushi shi ake wa dariya, a ce ba ya da ciki. Rama masa nan take da wadda ta fi tasa zafi, maƙwabcin ya ga abin ba gefe ɗaya ba ne. Bayan Isha ka ja shi gefe: "Ɗan kawu, wannan kalmar a bar ta a ɗaki." Yaran kuma ka zaunar da su ka warware musu dangantakar. Sai dai in shi kaɗai yake dariya, ko ya fara taɓo iƙamarka ta zama a ƙasar, ko bashi, ko rashin haihuwa, to ya bar wasa, ya shiga izgilin da aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana. Nan ba sai ka jira Isha ba.

Sa'ana fa?

Ku tsokani juna da furfura da tumbi. Iyaye kuwa, ko ashariya ɗaya kada ta gifta.

Yarana ba su iya ramawa ba, laifina ne?

Kwantar da hankalinka, Hajiya. Hutu ɗaya a gidan kawunsu ya ishe su.