Waiwaye: daga allon Schensted zuwa jerin `tails`

Tambayar ba ta da wuyar faɗi. An ba ka lambobi a jere, ana so ka tsamo wasu daga ciki ba tare da ka sauya musu tsari ba, kowace ta fi wadda ta gabace ta girma, kuma su yi yawa iya yadda zai yiwu. Masu rubuta manhaja na yau suna warware ta da layi kaɗan, amma ba a hannunsu ta fara ba.

Masana lissafi ne suka fara taɓa ta. A 1935 Paul Erdős da George Szekeres suka tabbatar cewa duk jerin da ke da lambobi n²+1 mabambanta, dole a samu n+1 a cikinsa masu hawa ko masu sauka. Wannan ya nuna akwai su, bai nuna yadda za a nemo su ba. Sai a 1961 Craige Schensted ya zo da dabarar jera lambobi a wani allo mai sahu-sahu. Idan sabuwar lamba ta zo, sai ta ture mafi ƙanƙanta cikin waɗanda suka fi ta a sahun farko, wadda aka ture kuma ta gangara sahu na biyu. Ya nuna cewa, idan lambobin mabambanta ne, tsawon sahun farko shi ne amsar. To, jerin `tails`, wato jerin wutsiyoyi da ake koyarwa yau don warware tambayar, wannan sahun farkon ne, an dai yar da na ƙasa. A 1975 Michael Fredman ya ƙididdige yawan kwatancen da hanyar ke ci, ya kuma nuna cewa muddin kwatanta lamba da lamba kaɗai ake yi, ba za a sauko ƙasa da kwatance kimanin n log n a kan lambobi n ba.

Hanyar da aka fi fara koya ita ce kowace lamba ta waiwayi duk waɗanda suka riga ta. A kan lambobi 100,000 wannan kwatance ne kusan biliyan 5. Da `tails` kuwa bai kai miliyan 2 ba.

```python
from bisect import bisect_left
def lis(a):
    tails = []
    for x in a:
        i = bisect_left(tails, x)
        if i == len(tails): tails.append(x)
        else: tails[i] = x
    return len(tails)
```

Abin da `tails[i]` ke riƙe da shi shi ne mafi ƙanƙantar lambar da wani jeri mai hawa, mai tsawon i+1, zai iya ƙarewa da ita. Ƙaramar wutsiya ta fi amfani, domin ta fi barin wuri ga masu zuwa. Kuma `tails` kullum a tsare yake daga ƙarami zuwa babba, saboda duk jeri mai tsawon uku yana ɗauke da mai tsawon biyu da ya ƙare da lambar da ba ta kai wutsiyarsa ba. Wannan tsaruwar ce ta ba da damar nema ta hanyar raba jerin biyu-biyu, wanda shi ne aikin da `bisect_left` ke yi don gano gurbin sabuwar lamba.

Mu gwada da 3, 8, 4, 9, 2, 4, 6, 1. Da farko 3 ta shiga, 8 ta bi ta. Da 4 ta zo sai ta ture 8, aka koma 3, 4. Sai 9 ta ƙara tsawo, 2 kuma ta ture 3, ya zama 2, 4, 9. Ga 4 ta biyu: ta tarar da 'yar'uwarta, ta zauna a gurbinta, ba abin da ya sauya. Daga nan 6 ta ture 9, 1 ta ture 2. An tashi da 1, 4, 6, wato tsawo uku.

A nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Tsawon daidai ne, amma 1, 4, 6 ba amsa ba ce, tun da 1 ita ce ta zo ƙarshe. Amsa ta gaskiya irin su 3, 4, 9 ce ko 2, 4, 6. Schensted bai yi alkawarin cewa sahun farko shi ne jerin kansa ba, tsawonsa kawai ya lamunta. Mai son jerin sai ya riƙa ajiye matsayin kowace lamba, tare da matsayin wadda ke gurbin da ke gabanta a lokacin da ta shiga, sannan ya bi sawu daga ƙarshe zuwa farko.

Tuntuɓe na biyu ya fi ɓuya, kuma a ganina ya fi ɓarna. Idan aka sa `bisect_right` a madadin `bisect_left`, 4 ta biyu za ta tsallake 'yar'uwarta ta ture 9, a samu 2, 4, 4, sai 6 ta ƙaru a kai, amsa ta zama huɗu. An ƙirga 3, 4, 4, 6 ke nan, wanda ba ya sauka amma kuma ba hawa zalla ba ne. Idan babu lambar da ta maimaitu, hanyoyin biyu amsa ɗaya suke bayarwa, shi ya sa gwaji yakan wuce lafiya. A gwada da 5, 5, 5: in ya ba da 1 daidai ne, in ya ba da 3 an ɗauki ɗayar.