Tambayoyinku kan animatik, na haɗa su wuri guda

Yaya, shi animatik ɗin nan miye shi?

Hotunan istoribod ɗinka ne, wato labarin da ka zana hoto-hoto, ka jera cikin manhajar montaji ta haɗa bidiyo, ka ba kowane hoto lokacinsa, ka sa murya a ƙasa, ka kalla kamar fim. Shi ke nan. Wannan karo na nawa ke nan ina faɗi.

Sai na gyara zanen ya yi kyau kafin in sa?

A'a. In mutum ya gane wa ke tsaye, ina ya duba, ya isa. Kala ma kar ka sa, wanda ya kwana uku yana shafa ma hoto kala ba ya iya cire shi ko ya ga yana ɓata fim.

Malam ba ni da kwamfuta, waya kawai gare ni.

Kwantar da hankalinka ƙanena, waya ta isa. Zana a takarda, ɗauki hoto da rana a inuwa, zuba cikin CapCut. Mai kwamfuta ga Kdenlive ga Shotcut duk kyauta ne. Abu ɗaya dai, ka duba firam nawa aikin ke tafiya a sakan, wato hotuna nawa bidiyo ke saki a jere cikin sakan ɗaya, tun kafin ka fara, don waya ta fi son 30, kai kuwa wataƙila da 24 ko 25 za ka yi zanen motsi, in suka saɓa duk lissafin da ka yi ya tashi aiki.

Murya zan fara sawa ko hoto?

Murya! Don Allah ku bar kawo min animatik kurma kuna cewa in duba ko lokacin ya yi. Da me zan auna? Ba sai ka jira masu wasan ba, kai da ƙanwarka ku shiga ɗaki ku kashe fanka ku karanta maganar yadda za a faɗe ta da gaske, ba da gudu ba. Kuma ku lura da gaisuwa, a takarda layi ɗaya ne "suka gaisa", amma ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, in ka ɗauka a murya za ka ga ta ci sakan 10 ko fiye, nan ne za ka yanke shawara ko a bar ta duka ko a shigo tsakiyarta.

To Yaya, kowane hoto sakan nawa zan ba shi? Ni duk uku-uku na sa amma abin ya yi sanyi, barci yake sa ni.

Ƙanwata wannan ita ce tambayar kirki, kuma ba ni da lamba ɗaya da zan ba ki, wanda ya ce miki yana da ita bai yi aikin ba. Uku-ukun nan manhaja ce ta zaɓa miki, ba labarin ba. Bari in ba ki misali da wani ɗan guntu da muka yi aiki a kansa, hoto shida, firam 25 a sakan. Yarinya ce 'yar talla da ƙwaryar fura a kai ta fito bakin Babbar Kasuwa, ɗan kabu-kabu ya danna mata hon, ta firgita, ƙwarya ta faɗi, wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta yi mata magana.

Hoton farko na nesa ne, kasuwa da rumfuna da mutane, ido na buƙatar ya yi yawo kafin ya samo yarinyar, shi muka bar ma firam 75, wato sakan 3 ɗin nan. Na biyu tana tafiya. Mutum mai tafiyar yau da kullum yana taku biyu a sakan, kusan firam 12 kowane taku, to sai muka tashi muka taka da ƙafarmu daga inda zanen ya nuna ta taso zuwa bakin titi, taku goma ne, sakan 5 ke nan na tafiya da babu komai cikinta. Muka matso da ita kusa da titi, taku huɗu, firam 50. Kin ga a takarda ba mai ganin wannan matsalar, kibiya ɗaya ce kawai aka ja.

Babur da hon firam 12, ƙiftawar ido, in ya daɗe tsoron ya mutu. Fuskarta da ta firgita firam 20, a nan mun yi ta gardama don da 12 muka fara sai wanda muka nuna ma ya ce bai ga ta ji tsoro ba, ƙwarya kawai ya gani a ƙasa. Faɗuwar ƙwarya firam 12, wannan ba ra'ayi ba ne, abu in ya faɗo daga tsayin mita ɗaya da 'yan kai kusan rabin sakan yake kafin ya taɓa ƙasa, in kika ba shi sakan 3 sai ya zama kamar auduga. Na ƙarshe shi na fi so, yarinya tana kallon fura a cikin yashi, muka bar shiru firam 40 sannan tsohuwa ta ce "bari kuka ɗiyata, zo nan", maganar ta ci firam 60. Da muka gwada cire shirun nan sai tausayin ya tafi gaba ɗaya.

Haɗa duka, firam 269, bai kai sakan 11 ba, da kuwa 18 ne. Firam 181 muka rage tun ba a zana motsi ko ɗaya ba, kuma in ana zane ɗaya a firam biyu kamar yadda aka saba, wannan ya kai zane 90 a wurin da ke motsi, ki lissafa kwana nawa ne da hannunki.

Amma fa kar ki kwafe lambobin nan. In don yara ƙanana ne ki ƙara ma kowane hoto kaɗan. In a waya za a kalla, hoton nesa na iya neman fiye da 75 tunda komai ƙanana ne. In wasan dariya ne shirun na iya zama rabin haka, ko ninki, sai kin gwada. Kuma hoto tsayayye yana yaudara, kullum ya fi jin tsawo a kan mai motsi, shi ya sa masu farawa ke yankewa da yawa, daga baya in an zo zana motsi a ga ba wurin da hannu zai ɗaga ya sauka. In kina shakka ki tashi ki yi motsin da jikinki wani ya riƙe miki agogon waya, sau uku, ki ɗauki na tsakiya. Wurin da motsi ke da yawa kuwa ƙara hotuna za ki yi, ɗaya farkon motsi ɗaya ƙarshensa, ba ja da hoto guda ba.

Hotuna na suna ta rikicewa.

Sa musu suna 010, 020, 030. In ka ƙara wani a tsakiya ya zama 015. Na gaji da ganin "sabo", "sabo2", "na ƙarshe".

Na kalla sau hamsin, ni dai ya yi min daidai. In fara?

Ai saboda ka kalla sau hamsin ne, ka riga ka san labarin, idonka na cike giɓi da kansa. Miƙa ma wanda bai san komai a kai ba, ko mai shayin unguwarku, kar ka yi masa bayani ko kalma ɗaya, ka dubi fuskarsa ba allon ba. Inda ya ce "me ya faru nan?" ya yi sauri, inda ya ɗaga kai ya dubi titi ya yi tsawo. Gyara, nuna ma wani daban, in biyu sun wuce lafiya sai ka rubuta firam ɗin kowane hoto a takarda ka kulle, daga nan ba a ƙara taɓa muryar.