Dubu ɗari ɗaya, aljihu biyar: tambayoyi da amsoshi kan yadda kuɗin da aka kashe ke ninkuwa

Na ji ana cewa naira ɗaya kan zama naira biyar idan ta zaga gari. Haihuwa take yi?

Takardar kuɗin ba ta ƙaru ba. Abin da ya ƙaru shi ne yawan mutanen da suka kira ta "samuna". A duk ciniki, abin da ya fita daga aljihun mai saye shi ne ya shiga aljihun mai sayarwa, shi kuma ba zama zai yi a kai ba, yana da cefane da kuɗin makaranta suna jiransa.

Mu ɗauki misali. Wani ɗan gari da ke aiki a Legas ya aiko da naira 100,000 a gyara katangar gidansu da damina ta rusa. Magini ya karɓi kuɗin a matsayin ladan aikinsa. Mu ƙaddara cewa a garin kowa yana kashe naira 80 cikin kowace 100 da ya samu, ya ajiye 20. Magini ya sayi gero da wake na 80,000 a hannun manomi. Manomi ya kai wa tela 64,000 na ɗinkin iyalinsa. Tela ya biya kafinta 51,200 ya yi masa teburi da benci. Kafinta ya ba mai koyar da yaransa da mai kawo masa ruwa 40,960. Zagaye biyar ke nan, kuma idan ka tara abin da aka samu zuwa nan ya kai 336,160, alhali dubu ɗarin nan ce dai take yawo.

Kowane zagaye ya fi wanda ya gabace shi ƙanƙanta, saboda kashi 20 cikin ɗari yana tsayawa a hanya. A zagaye na goma abin da ke canza hannu bai wuce 13,400 da 'yan kai ba. A hankali sai ya ƙare, jimillar kuwa ta tsaya a 500,000. Wannan shi ake nufi da ninki biyar.

Ta yaya ake sanin jimillar ba tare da an bi kowane mutum ba?

Akwai gajeriyar hanya. Ka ɗauki kason da ake sake kashewa, ka cire shi daga ɗaya, sannan ka raba ɗaya da abin da ya rage:

```
1 ÷ (1 − 0.8) = 5
```

Wato ɗaya a raba da kason da ke zurarewa. Idan rabi ke zurarewa, ninkin biyu ne kawai. Richard Kahn, masanin tattalin arziki a jami'ar Kambirij ta Ingila, shi ya fitar da wannan lissafi a 1931, lokacin da rashin aikin yi ya addabi ƙasarsu, yana son ya nuna cewa idan gwamnati ta ɗauki mutane aikin hanya, wasu ma da ba su taɓa riƙe shebur ba za su samu aiki. Malaminsa John Maynard Keynes ya faɗaɗa batun a littafinsa na 1936.

To me ya sa a garinmu ake biyan albashi, bayan mako ɗaya kasuwa ta koma shiru?

Saboda ninki biyar ɗin nan na allo ne. A zahiri tulun yana yoyo ta wurare da yawa, kuma ajiya ita ce ƙaramar huda a cikinsu.

Ka tsaya a bakin shagon unguwarku ranar da albashi ya shiga. Ma'aikaci ya zo ya sayi katan na taliya, sukari, madarar gari da sabulu, ya biya 30,000. Mai shago ya irga, ya saka a durowa. Kada ka ce ya samu 30,000. Gobe da asuba zai tura kusan 27,000 wa dilan da ya ba shi kayan a Kano ko Legas. Samunsa na gaskiya 3,000 ne, kuma daga cikinta ne kaɗai zai kashe a gari. Nan ne mafi yawan masu bayanin wannan batu suke kuskure, suna ɗaukar ciniki a matsayin samu. A misalinmu na farko na zaɓi manomi da tela da kafinta da gangan, don yawancin abin da ake biyan su ladan guminsu ne. Ko a nan ma na yi sassauci, domin tela yana sayen zare da man janareta, kafinta yana sayen katako da ƙusa daga wani wuri.

Kuɗin da ya tafi Legas bai ɓace wa Nijeriya ba, ya bar garinku ne kawai. Ma'aikatan kamfanin taliya za su ci daga ciki. Amma alkamar da aka yi taliyar da ita yawancinta daga ƙasashen waje ake shigo da ita, don haka wani kaso ya bar ƙasar gaba ɗaya. Shi ya sa ninkin ƙauye ya fi na jiha ƙanƙanta, na jiha kuma bai kai na ƙasa ba: iya ƙanƙantar wuri, iya yawan abin da yake saye daga waje.

Sai haraji, kamar harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari da ke cikin farashin abubuwa da yawa. Sai biyan bashi: ma'aikacin da banki ya cire rabin albashinsa tun kafin ya gani, wannan rabin bai taka kasuwar garin ba.

Yanzu mu sake lissafin da idon basira. Cikin kowace naira 100, a ce an ajiye 10, haraji da bashi sun ci 10, kayan waje sun tafi da 50. Saura 30 ke zama samun wani ɗan gari. Ɗaya a raba da 0.7 ya ba da kusan 1.4. Dubu ɗarin magini ta zama kimanin 143,000 ke nan, kuma kusan duka ƙarin ya faru a zagaye biyu da suka biyo bayan na magini. Abin da kake gani a kasuwarku bayan mako ɗaya ke nan.

Ni ina zubin adashe. Ke nan ina hana kuɗi yawo?

A'a. Abin da kika zuba yau, wadda kwasa ta faɗo kanta za ta karɓa a makon nan, ta sayi keken ɗinki ko buhun gyaɗa na ƙuli. Kuɗin ya ɗan tsaya ne ya wuce. Ajiyar da ke katse zagaye ita ce wadda ba ta komawa hannun mai kashewa, kamar wadda aka ƙulle a akwati ko aka mayar dala aka ɓoye. Kuma ko ita ma ban ga laifin mai yin ta ba, gidan da ba shi da abin ajiye rashin lafiya ɗaya ke durƙusar da shi.

An taɓa auna wannan abu a zahiri, ko duk lissafin takarda ne?

An auna, kuma gwajin da ya fi burge ni a yammacin Kenya aka yi shi, a yankin Siaya. Tsakanin 2014 da 2017 ƙungiyar GiveDirectly ta ba gidajen talakawa sama da 10,500 kimanin dala 1,000 kowanne, a wani bincike da ya shafi ƙauyuka 653. An zaɓi ƙauyukan da za su samu ta hanyar ƙuri'a, don a iya kwatanta su da waɗanda ba su samu ba. Masu binciken suka bi diddigin gidaje da shaguna da farashin kaya a kasuwanni, suka samu ninki na kusan 2.5. Gidajen da ba a ba ko sisi ba, su ma abin da suke kashewa ya ƙaru kusan daidai da na waɗanda aka ba, saboda cinikinsu da ladan aikinsu sun tashi. Farashi kuwa da ƙyar ya motsa.

Dalilin rashin tashin farashin shi ne abin lura. Mai injin niƙa yana zaune rabin yini babu mai kawo masara, tela yana gyangyaɗi a kan keke, ɗan acaɓa yana jiran fasinja a inuwa. Da kuɗi suka shigo, ba sai an sayi sabon inji ko an koya wa wani sana'a ba, waɗanda ke zaune ne suka tashi suka kama aiki.

Idan haka ne, me zai hana gwamnati ta yi ta zuba kuɗi kowa ya yi arziki?

Abu biyu. Na farko, ninkin yana aiki ne idan akwai hannu da kayan aiki da ke zaune. Idan babu, ƙarin kuɗi farashi yake ɗagawa. Ka kawo kuɗi ƙauye a watan Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba: tiyar gero ba za ta ƙaru ba don an zo da kuɗi, tsada za ta yi. Hanyar gane wanne ke faruwa mai sauƙi ce. Ka duba ko tela ya ɗauki ƙarin yaro, mai bulo ya ƙara yawan abin da yake bugawa, ko kuwa kayan suna nan yadda suke, kuɗinsu ne kawai ya canza.

Na biyu, daga ina kuɗin ya fito? A misalinmu daga Legas aka aiko shi, sabo ne a garin. Idan gwamnati ta karɓe shi ne daga aljihun 'yan kasuwar garin a matsayin haraji, to ta rage abin da su za su kashe, sai a cire wannan daga lissafi. Idan bashi ta ci mai yawa a cikin gida, ruwan bashi kan tashi, masu masana'antu su fasa faɗaɗa aiki. Kuma wanda aka ba yana da muhimmanci ƙwarai. Lebura zai kashe kusan duka ladansa a kasuwar kusa da shi cikin 'yan kwanaki. Ɗan kwangilar da ya kwashi ribarsa ya sayi gida a Dubai, zagayen ya mutu tun a hannu na farko.

Abin yana iya juyawa baya?

Ƙwarai, kuma da lissafi iri ɗaya. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna ya ga haka. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta tsayar da aiki a 2007. Waɗanda aka sallama su ne zagaye na farko. Bayansu sai matan da ke sayar da abinci a bakin ƙofar masaƙa lokacin canjin ma'aikata, sai masu gidajen haya da ɗakunansu suka zama kango, sai direbobin bas da masu makarantun kuɗi na unguwar. Ba ɗaya daga cikinsu da sunansa ke cikin takardar albashin kamfani. Can nesa kuma, manoman auduga na wajen Funtuwa da masu injinan gurza sun rasa babban mai sayen kayansu, su ma suka rage abin da suke kai wa tela da mahauci a garuruwansu.