Shin Danna "Sign in with Google" Na Ba Manhaja Kalmar Sirrinka? Abin Da Ƙa'idar Ta Tanada

Ana ta yaɗa wani gargaɗi a WhatsApp cewa duk wanda ya danna maɓallin "Sign in with Google" ko "Continue with Facebook" ya miƙa kalmar sirrinsa, kuma daga nan masu manhajar za su karance imel ɗinsa, su kwashe hotunansa da lambobin wayarsa. Wasu har sun goge manhajojin daga waya, suna ganin sun tsira. An yi kuskure a gargaɗin, kuma gogewar ba ta magance komai ba.

Maganar kalmar sirri ba ta da tushe. Waɗannan maɓallan suna aiki ne bisa ƙa'idar OAuth 2.0 da aka fitar a 2012, da OpenID Connect da aka ɗora a kanta a 2014. Idan ka danna, shafin Google ne ke buɗewa, a can kake tabbatar da kanka, sannan Google ya ba manhajar wata shaida cewa kai ne. Abin da ke cikin shaidar shi ne sunanka, adireshin imel ɗinka da hoton da ka sa a asusun. Kalmar sirrin ba ta fita daga hannun Google. Abin da za ka duba kawai shi ne adireshin shafin: in dai za ka rubuta kalmar sirri, ya kasance accounts.google.com ne a sama. Shafin da ya yi kama da na Google amma adireshinsa daban, na 'yan damfara ne, kuma wannan wata matsala ce daban da maɓallin.

Facebook haka yake, sunanka da hotonka yake bayarwa, sauran bayanan kuma kana iya cirewa kafin ka amince. Apple ya ƙara da zaɓin "Hide My Email", wanda ke ba manhaja wani adireshin aro da ke ƙarewa da privaterelay.appleid.com maimakon naka na gaskiya. Lambobin da ke cikin waya da saƙonnin tes kuwa, izininsu a wayar ake bayarwa, shigar ba ta taɓa su.

Inda abin yake shi ne shafi na biyu, wanda yawancin mutane ke wucewa ba su karanta ba. Wasu manhajojin ba shiga kawai suke nema ba, suna neman izinin taɓa abin da ke cikin asusun. A ɗauki misalin mai neman aiki da ya sauke wata manhajar haɗa takardu zuwa PDF don ya tura takardun makarantarsa. Ya shiga da Google, sai shafi ya fito ɗauke da wannan layin: "See, edit, create, and delete all of your Google Drive files". Ma'anarsa manhajar za ta iya gani, ta gyara, ta kuma goge duk abin da ya taɓa ajiyewa a Drive, har da hoton katin shaidarsa da ya manta yana ciki. Alhali Google na da wani izini mai iyaka, wanda layinsa ke cewa "only the specific Google Drive files you use with this app", wato takardun da ka buɗe da manhajar kaɗai. Aikin haɗa takarda ba ya buƙatar fiye da wannan. Kalma ɗaya, "all", ita ce bambancin. Idan kuma ka ga "Read, compose, send, and permanently delete all your email from Gmail" a manhajar da ba ta karanta imel ba ce, ka tsaya, domin duk mai karanta imel ɗinka zai ga saƙonnin sake kalmar sirri na sauran asusunka. A watan Mayun 2017 an yi amfani da wannan hanyar: wata manhajar bogi ta sa wa kanta suna "Google Docs", mutane suka ba ta izini da hannunsu a shafin Google na ainihi, ba tare da ta saci kalmar sirrin kowa ba.

A ƙa'ida, ka amince. Amma amincewar da aka samu da layin Turanci ɗaya, a ƙaramin allo, wani lokacin ma mai gyaran waya ne ya danna maka, sunanta kawai amincewa.

To me ya sa gogewa daga waya ba ta isa ba? Saboda izinin ba a wayarka yake zaune ba. Da ka amince, Google na ba manhajar tikitin shiga da ke ƙarewa cikin kamar awa ɗaya, sau da yawa kuma tare da tikiti na biyu da take sabunta na farkon da shi ba tare da ta sake tambayarka ba. Wannan na biyun yana iya zama a kwamfutocin kamfanin, don haka ko wayar ta faɗa rijiya, suna iya ci gaba da shiga Drive ɗin. A wajen Google, tikitin na biyu na mutuwa idan an yi wata shida ba a yi amfani da shi ba, amma kamfanin da ke amfani da shi kullum ba zai kai ga haka ba. Canza kalmar sirri ma ba magani ba ne gaba ɗaya: yana kashe tikitin da ya shafi Gmail, amma na Drive na iya ci gaba da aiki.

Janye izinin bai kai minti biyu ba. Ka buɗe myaccount.google.com/connections, za ka ga duk manhajojin da ke haɗe da asusunka. Ka danna sunan wadda kake nema, ka karanta abin da take iya taɓawa. "Remove access" na yanke mata hanyar shiga Drive ko Gmail, "Stop using Sign in with Google" kuma na tsinke shigar kanta. A Facebook, wurin shi ne "Apps and websites" a cikin "Settings". A iPhone, ka danna sunanka a "Settings" ka nemi "Sign in with Apple".

Sai dai janyewa na hana abin da zai zo ne, ba ta dawo da abin da ya riga ya fita. Shi ma Google ya faɗi haka ƙarara: bayanan da manhaja ta riga ta kwafa suna nan a hannunta, asusunka na can ma yana nan, kuma kai ne za ka nemi su goge. Nauyin a nan ya faɗa kan wanda ya fi kowa rauni. Ga mazauna Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba mutum damar janye amincewarsa da neman a goge bayanansa, kuma ana kai ƙorafi ga hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, amma bin kamfanin da ba shi da ko ofis a ƙasar ba abu ne mai sauƙi ba.

Saboda haka jerin matakan na da tasiri. Mai neman aikin nan, idan ya gama da manhajar, ya fara shiga cikinta ya sauke takardunsa, ya nemi "Delete account", bayan nan ya je ya janye izinin. In ya fara da janyewa, kuma bai taɓa sa wa asusun kalmar sirri ta kansa ba, zai tarar ba shi da hanyar shiga sai ya sake danna maɓallin, ya sake haɗa abin da ya tsinke. In kuma yana son ci gaba da amfani da manhajar ne ba tare da Google ba, ya fara saita kalmar sirri a cikinta, ya fita, ya gwada shiga da ita ya ga ta yi aiki, sannan ya tsinke haɗin.