978 a bayan littafi ba shaidar ƙasa ba ce: abin da lambar rukuni ta ISBN take faɗa

Akwai maganganu guda biyu da suke yawo tsakanin marubuta da masu sayar da littattafai game da lambar nan ta ISBN da ake bugawa a bayan littafi. Ta farko ita ce wai duk ISBN da ta fara da 978 ta Nijeriya ce, don haka in ka ga littafin waje ɗauke da ita to na satar fasaha ne. Ta biyu kuma wai lambar tana bayyana harshen da aka rubuta littafin, saboda haka littafin da ba na Turanci ba in ya ɗauki lambar rukunin Turanci an yi maguɗi. Duka biyun kuskure ne, kuma kuskure ne mai cutarwa, domin yakan sa a zargi mutumin kirki da laifin da bai yi ba, ya kuma sa marubuci ya kashe kuɗi wajen gyara abin da bai lalace ba.

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2007, ISBN tana da lambobi 13 ne, kafin nan 10 take da su. An kasa ta gida biyar, ana raba su da karan ɗori: share fage, lambar rukuni, lambar kamfanin wallafa, lambar littafin, sai lamba ɗaya ta ƙarshe da ake tantance ingancin sauran da ita. Share fagen nan ko dai 978 ne ko 979, kuma ba ya nuna wata ƙasa. Aikinsa shi ne ya shaida wa na'urar da take karanta zanen layi-layin nan na jikin kaya cewa abin da ke gabanta littafi ne. Mafi yawan littattafan duniya da aka buga tun 2007 da 978 suka fara.

To daga ina ruɗanin ya samo asali? An yi dace ne cewa lambar rukunin Nijeriya ita ma 978 ce. A zamanin lambobi 10, lokacin da babu share fage, duk ISBN da ta fara da 978 lallai ta kamfanin Nijeriya ce, kuma waɗanda suka koyi sana'ar a wancan lokaci gaskiya suka koya. Da aka koma 13 sai gidan ya matsa gaba. Yanzu littafin kamfanin Nijeriya da `978-978` yake farawa, 978 sau biyu, na farko na kowa da kowa, na biyu shi ne na ƙasar. Irin wannan tarkon yana nan ga Indonesiya, wadda ɗaya daga cikin rukunanta 979 ne: tsohuwar ISBN mai lambobi 10 da ta fara da 979 ta Indonesiya ce, a sabon tsari kuwa `978-979` take zama, alhali mai lambobi 13 da ta fara da `979-8` ta Amurka ce. Saboda haka kafin ka ce komai a kan ISBN, ka fara ƙirga lambobinta.

Idan an buga karan ɗori, gano rukuni ba wuya, shi ne gida na biyu. Matsalar ita ce shafukan sayar da littattafai da yawa sukan rubuta lambar a dunƙule, kuma lambar rukuni ba ta da tsayi ɗaya, daga lamba ɗaya take har biyar. Amma an tsara ta yadda farkonta zai gaya maka tsawonta. Bayan ka cire 978 na gaba, in abin da ya biyo baya 0 zuwa 5 ne, ko 7, rukunin lamba ɗaya ne. In ya faɗo tsakanin 80 da 94, biyu ne. Daga 950 zuwa 989, uku ne. Wanda ya fara da 99 huɗu ne, in kuwa ya fara da 999 to biyar ne. Masu farawa da 6 yawancinsu uku ne, kamar 600 na Iran da 603 na Saudiyya, sai dai akwai 65 na Birazil.

Ga misali da na ƙirƙira don gwaji kawai: `9789781234569`. Lambobi 13 ne, don haka ukun farko share fage ne, a ajiye su gefe. Abin da ya rage ya fara da 9. Shin 97 tana tsakanin 80 da 94? A'a, ta wuce. A ƙara lamba ɗaya, ta zama 978, wadda ta faɗo tsakanin 950 da 989. Rukunin ke nan, Nijeriya. Da a ce bayan share fagen 9953 ce ta biyo baya, 99 ɗin farko zai nuna lambobi huɗu ne, rukunin Labanan ke nan. Da 0 ce, an gama magana tun a lamba ta huɗu, rukunin Turanci ne.

Wannan ya kawo mu ga magana ta biyu, wadda ta fi ta farko ruɗarwa saboda akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Lallai wasu rukunan na yankin harshe ne. 0 da 1 na ƙasashen da suke wallafa da Turanci ne, irin su Birtaniya da Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu. 2 na yankin Faransanci ne, 3 kuma na Jamusanci, wato Jamus da Ostiriya da ɓangaren Suwizalan mai magana da Jamusanci. Har ƙasa ɗaya takan rabu gida biyu, kamar Kanada, inda kamfanonin ɓangaren Faransanci suke ƙarƙashin 2, na ɓangaren Turanci kuma ƙarƙashin 0 da 1. Sauran rukunan kusan duka na ƙasashe ne: 4 Japan, 7 Sin, 81 da 93 Indiya, 977 Masar.

Amma ko a rukunan harshen, mazaunin kamfanin wallafa ake nufi, ba abin da ke cikin littafin ba. Ƙa'idar ita ce mai wallafa ya nemi ISBN daga hukumar ƙasar da yake zaune yake gudanar da aikinsa, ko da wane harshe aka rubuta littafin. Kamfanin da yake Landan in ya fitar da littafin Larabci, 0 ko 1 zai ɗauka. Kamfanin da yake Jamus in ya fitar da littafin kimiyya da Turanci, 3 zai ɗauka, kuma irin waɗannan suna da ɗimbin yawa. Kamfanin Alƙahira in ya fitar da ƙamus na Faransanci, lambar Masar zai sa. Babu maguɗi a ko ɗaya.

Haka nan lambar ba ta faɗin ƙasar marubuci, ba ta kuma faɗin inda aka buga littafin. A nan mutane suka fi zamewa, domin suna haɗa mai wallafa da maɗaba'a. Mai wallafa shi ne wanda ya ɗauki nauyin fitar da littafi, ya zuba kuɗinsa, riba ko asara a kansa take. Maɗaba'a kuwa aikin bugu kawai aka ba ta. Littafi yana iya ɗaukar rukunin Faransa alhali a shafinsa na ciki an rubuta cewa a Sin aka buga shi, kuma duka biyun gaskiya ne. Ga kuma tarihi da yake manne da lambar: 5 ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet ce, Rasha ta ci gaba da amfani da ita, 80 kuma har yau Cak da Sulobakiya ne suke tarayya a kanta tun bayan rabuwarsu. Ba a sake wa littafin da ya riga ya fito lamba don iyakar ƙasa ta sauya ko don kamfani ya yi ƙaura.

Sai tsoron hukunci. ISBN ba doka ba ce da wata majalisa ta kafa wa duniya, ma'auni ne na ƙasa da ƙasa, ISO 2108, wanda hukumar ISBN ta duniya da ke Landan take kula da shi, ita ce kuma take raba rukunai ga hukumomin ƙasashe. Ba ta da kotu, ba ta cin tara. Wasu ƙasashe suna da nasu dokokin kan wallafa, wannan daban ne. Kuma mallakar ISBN ba ta ba mutum haƙƙin mallaka, rashinta ba ya ƙwace masa shi.

Sai dai rashin tara ba ya nufin babu illa. Illar tana zuwa ne ta hanyar rajista. Duk ISBN tana ɗauke da lambar mai wallafar da aka ba shi ita, kuma ba a yarda ya sayar da ita ga wani ba, ba a maimaita ta a kan wani littafin. Marubucin da ya karɓi lamba daga hannun wani dillali, ko daga ragowar lambobin wani kamfani, zai tarar a kundin masu sayar da littattafai da ɗakunan karatu sunan wancan ne yake fitowa a matsayin mai wallafa, masu neman saye kuma can za a tura su. Kusan haka yake ga wanda ya karɓi lambar kyauta daga dandalin wallafa na intanet da ke Amurka. Halal ce, ba jabu ba ce, amma rukunin Amurka take ɗauke da shi, yanzu sau da yawa `979-8`, a ƙarƙashin rajistar dandalin take, kuma galibi ba ya iya ɗaukarta ya kai wani wuri. Duk mai ƙididdigar littattafai ta hanyar rukuni zai lissafa littafin a na Amurka, ko da marubucin bai taɓa taka ƙasar ba.

Akwai abin da ni dai ban iya kau da kai a kansa. Tsakanin share fage da lambar ƙarshe gurabe tara ne kacal, rukuni da kamfani da littafi su ne suke rabon su. Rukuni mai lamba ɗaya ya bar gurabe takwas, wato littattafai miliyan 100. Mai lambobi uku miliyan 1 yake da shi, mai biyar kuwa 10,000 kawai. Turanci shi kaɗai ya riƙe rukuni biyu masu lamba ɗaya. Larabci, da dukan tarihinsa na rubutu, ba shi da rukunin harshe, kowace ƙasa da nata guntun, haka ma Sifaniyanci, inda Sifen take da 84, Meziko da Ajantina kuma suke da nasu daban. Masu kare tsarin suna cewa an yi rabon ne gwargwadon yawan abin da kowane yanki yake wallafawa, kuma ƙasar da nata ya cika akan ƙara mata wani, kamar yadda Gana take da 9964 da 9988. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma ban ga inda tsayin rukuni ya hana a sayi littafi ba. Amma ma'aunin na kasuwar littattafai ne ta lokacin da aka kafa tsarin, wajen 1970, kuma sakamakonsa shi ne ƙaramar ƙasa takan tara rukunai biyu ko uku da ba su yi kama da juna ba, waɗanda mai sayar da littafi ba zai gane na wace ƙasa ba ne sai ya duba jadawalin da hukumar ta duniya take wallafawa a shafinta.